Rage nauyin allura ba ya kare faifai

"Na sassauta nauyin allurar garmaho don kada ta ci mini faifai, amma sai tsalle take yi. Ina kuskuren?"

Kuskuren yana cikin sassautawar. Allurar da ba ta da isasshen nauyi ba ta zama daram cikin layin faifai. Rawa take yi tana dukan gefensa, kuma wannan dukan ne ke cinye faifai. Za ka ji murya tana karcewa idan kiɗa ya yi ƙarfi.

Ɗauki misalin allura samfurin AT-VM95E, wadda aka ƙayyade mata giram 1.8 zuwa 2.2. Mayar da anti-skate, wato abin da ke hana hannun da ke ɗauke da allurar zamewa zuwa tsakiyar faifai, kan sifili, ka juya ƙarfen bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Riƙe ƙarfen, ka juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifili, sannan ka juya su tare zuwa 2. Sai ka sa anti-skate ma a kan 2, domin faifai yana jan hannun zuwa tsakiya.

Idan kuma sauti ya fito siriri, ba amo, mai yiwuwa nauyi ba shi da laifi: duba ko wayar garmahon tana ramin LINE ne maimakon PHONO a jikin na'urar ƙara sauti.