Man da ya rage a kasko ba kai ka shanye shi ba, ku gyara lissafin suyarku

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku matasa da kuka fara lissafin kalori, wato yawan kuzarin da ke cikin abin da kuke ci, masu son rage ƙiba da masu zuwa jim da waɗanda likita ya ce su rage maiƙo. Akwai wani kuskure da nake yawan gani wajen lissafin soyayyen abinci, kuma wallahi abin yana damuna, domin mutum yana iya ƙoƙarinsa amma lissafin tun daga tushe a karkace yake.

Mutane sun rabu gida biyu. Wani zai zuba mai kusan lita guda a tukunya ya soya dankali, sai ya rubuta duka man a lissafinsa, ya ga kalori ya haura dubu takwas, hankalinsa ya tashi, gobe ya ƙi cin abinci wai yana ramuwa, alhali man nan yana nan a tukunya ya juye shi a kwalba. Wani kuma sai ya ce ai man ya rage, ban sha ba, ya rubuta dankali kawai kamar dafaffe ya ci. Wannan na biyun ya fi yawa kuma shi ya fi cutuwa, don shi ne zai yi wata da watanni yana cewa ina kiyayewa amma nauyina ya ƙi sauka.

Mai ba abin da za a yi wa ƙiyasin ido ba ne. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, sama da ninki biyu na sitaci ko furotin da suke da 4. Babban cokali ɗaya na mai wajen giram 14 ne, kalori kusan 120 kenan. To ka ga in ka yi kuskuren cokali biyu a faranti guda, kalori 240 sun shige ba ka sani ba.

Hanyar da wasu suke bi wai su auna abincin kafin suya su sake aunawa bayan suya su ga nawa ya ƙaru, dan Allah ku daina, ba ta aiki. Ɗanyen dankali kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, wannan kumfar da ƙarar da kuke ji in an zuba shi a mai, ruwan ne yake fita a tururi. Ruwan da ya fita ya fi man da ya shiga yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa soyayyen ya fi ɗanyen rashin nauyi duk da ya sha mai. Sikeli ba zai raba maka biyun ba. Abin da ake aunawa man ne, ba abincin ba.

Bari mu yi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce ka fere dankali ka yanka dogo-dogo, ka auna ɗanye ya ba ka giram 800. Ka ɗora tukunya babu komai a sikeli ka rubuta nauyinta, ka zuba mai, man ya kama giram 900. Ka auna da giram, kar ka dogara da lita, domin mai bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya wajen giram 920 ce. Kafin ka fara, ka auna tishun da za ka tsane dankalin a kai, a ce giram 10. Ka soya, ka kwashe, ka bar man ya huce sosai, kar wani ya ɗauki tukunyar tafasasshen mai ya nufi sikeli da ita don Allah, ƙunar mai ba ƙaramar ƙuna ba ce. Bayan ya huce ka tsame ɓurɓushin da ya kwanta a ƙasa, ka auna, ka cire nauyin tukunya, ya rage giram 825.

Giram 75 kenan suka bar tukunya. Amma ba duka ne suka shiga dankalin ba. Ka sake auna tishun, ya koma giram 22, wato ya ɗauke 12. Wanda ya maƙale a matsami da kwando da ɗan abin da ya fantsama, ka ba shi kamar giram 3. Ka cire 15 daga 75, saura 60. Wannan 60 ɗin shi ne man da yake cikin abincin, shi za ka rubuta, ba 900 ba kuma ba sifili ba.

Yanzu ka auna soyayyen gaba ɗaya, a ce ya ba ka giram 480. Ɗanyen dankali yana da kalori wajen 77 a kowane giram 100, giram 800 sun ba ka 616, kuma ruwan da ya fita bai tafi da kalori ko ɗaya ba. Mai giram 60 sau 9, 540 kenan. Jimla 1156. In ka ci giram 160, kashi ɗaya cikin uku ka ci, maiƙo giram 20, kalori wajen 385. Ka duba wanda bai rubuta mai ba, shi 205 zai rubuta, ya ɓatar da kusan rabi. Wanda ya rubuta duka man tukunyar kuwa, mai kaɗai zai ba shi 2700 a farantin da bai kai 400 ba.

Akwai hanyar gane ko awon naka ya yi daidai. Raba 60 da 480, ya ba ka kashi 12.5 cikin ɗari. Soyayyen dankali irin wannan yanka yawanci maiƙonsa yana tsakanin kashi 10 zuwa 15 na nauyinsa, to ka faɗa inda ya kamata. In ka samu kashi 2 ko 3, akwai matsala, ko dai ɓurɓushi da ruwa sun kwanta a ƙasan tukunya sun ƙara wa ragowar man nauyi, ko ka ƙara mai ana tsakiyar suya ka manta ba ka rubuta ba. In ka samu kashi 30 a yanka mai kauri, duba ko mai ya zube ko ba ka cire na tishu ba. Awon tishun ma ba cikakke ba ne, yana shan ɗan ruwan tururi tare da man, amma giram biyu ko uku ba su ne za su rusa lissafin ba.

Abin da ba na so ku yi shi ne ku ɗauki wannan kashi 12.5 ku liƙa wa kowane abin suya. Shan mai yana bin faɗin jikin abin da ya taɓa mai. Dankalin nan dai, in aka yanka shi siriri kamar takarda aka soya har ya bushe ƙarau, maiƙonsa yana kai wa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Abin da aka tsoma a kwaɓin fulawa ko aka birkiɗa a garin biredi shi ma ya fi tsiraransa sha, don rufin nan kamar soso yake. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yana yin kauri, ya fi maƙalewa a jikin abinci. Haka in ka cika tukunya da yawa lokaci guda, zafin man ya faɗi ƙasa da digiri 170 zuwa 180 da ake so, suyar ta ja lokaci, ɓawon bai yi ƙarfi da wuri ba, abin ya fito jagab. Saboda haka kason da ka samo na wannan girkin ne da wannan yankan. Ka auna sau biyu ko uku ka ɗauki tsaka-tsaki ka ajiye, daga nan ba sai kullum ka auna mai ba, soyayyen kawai za ka auna ka buga da kason. Ranar da ka canza yanka ko ka sa kwaɓi, sabon awo.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, yawancin man ba cikin tukunya yake shiga abincin ba. Muddin tururi yana fitowa da ƙarfi yana tura man baya. Sai an tsame, abin ya fara hucewa, tururin ciki ya lafa, sannan ƙananan ramukan da ruwa ya bari su zuƙe man da ke kwance a saman. Shi ya sa girgiza matsami da tsanewa nan take da zafinsa yake rage mai da gaske, wanda ya bari sai ya huce sannan ya goga tishu ya makara. In ka tsane, ka cire a lissafi. In ba ka tsane ba, ba ka da hujjar cire komai.

Ƙaramar suya a kasko kuma hukuncinta daban, kuma a nan ne masu cewa ai rabi kawai ake sha suke yaudarar kansu. Ka zuba cokali biyu ka soya ƙwai ko albasa, ka juye, kaskon ya rage da ɗan ƙyalli kawai, ina sauran ya tafi in ba cikin farantinka ba? Ka rubuta kusan duka, ka cire giram ɗaya ko biyu in kana so. In kuma a kan man ka zuba sauran kayan girki aka haɗe aka ci, to duka ne, babu ragi. Ragi sai man da ka gani da idonka ya rage kuma ka juye shi gefe.

Nama mai kitse da kaza da fatarta suna rikita awon tukunya, domin kitsensu yana narkewa ya shiga cikin man, har wani lokaci ka auna ka ga man bai ragu ba ko ma ya ƙaru. Ba wai bai sha ba ne, musaya aka yi, wani ya fita wani ya shiga. A nan ka haɗa kitsen ɗanyen naman da man da ka zuba, ka cire duk maiƙon da ya rage a tukunya da tishu, abin da ya saura shi ne a abincin. Ruwan naman da ya kwanta a ƙasa kar ka auna shi a matsayin mai, ka tsiyaye man sama ka auna shi kaɗai.

Sai masu amfani da manhajar lissafin kalori, ku lura da abin da kuke dannawa. In ka zaɓi soyayyen dankali a ciki, an riga an sa masa mai, in ka sake ƙara giram 20 ɗinka ka ƙirga sau biyu. Ɗaya za ka ɗauka, ko ɗanyen nauyi haɗe da man da ka auna, ko soyayyen nauyi da alƙaluman soyayye. Kuma kar ka auna giram 160 na soyayye ka shigar da shi a layin ɗanye, zai ba ka 123 maimakon 205, tun kafin a zo maganar mai ka riga ka yi ƙasa. Abin da ka saya a waje ba ka ga tukunyarsa ba, nan kam alƙaluman soyayye za ka ɗauka, in yana da kwaɓi ko ya jiƙa takardar da aka naɗo shi, ka zaɓi layin da ya fi maiƙo cikin waɗanda manhajar ta nuna maka.