Jawabin taro: a gyara shi don kunne, ba don ido ba

Yawancin jawaban da ake karantawa a walimar sauka da taron neman gudummawa a Islamiyyun cikin Kano, wasiƙu ne aka ɗora a lasifika. Mai karanta wasiƙa in ya ɓata sai ya koma layin baya. Wanda ke zaune ƙarƙashin rumfa a Gwammaja ko Fagge, ga ƙarar janareto, ga yara na kai da kawo, ba shi da wannan damar. Abin da ya wuce kunnensa ya wuce.

Ga misalin irin jimlar da sakataren kwamiti kan miƙa wa shugaban makaranta:

"Duba da yadda adadin ɗalibai ke ƙaruwa a kowace shekara, wanda hakan ya sa azuzuwa shida da muke da su suka gaza ɗaukar ɗalibai 480 da ake da su a halin yanzu, kwamitin makaranta ya ga dacewar a nemi tallafin iyaye da masu hannu da shuni domin gina ƙarin azuzuwa biyu."

Ba kuskuren nahawu a ciki. Amma kalma sama da 50 ce, ba ta fita a numfashi ɗaya, don haka malam zai tsaya inda iska ta ƙare masa, ba inda ma'ana ta cika ba. Sannan buƙatar kanta, aji biyu, tana can ƙarshe. Mai sauraro sai ya riƙe "duba da" da "wanda hakan" a ka yana jiran inda za a sauka, kuma yawanci kafin a sauka hankalinsa ya tafi.

Gyaran yana farawa da ɗauko buƙatar a kawo ta gaba. Sai a bi duk inda aka ga "wanda", "inda", "kasancewar" ko "duba da", a yanke a nan, a mai da abin da ya biyo baya jimla mai cin gashin kanta. Layi ɗaya, magana ɗaya, kada ya wuce kalma 10 zuwa 12:

Aji biyu muke nema.
Azuzuwanmu shida ne.
Ɗalibanmu ɗari huɗu da tamanin.
Yaro tamanin ke nan a aji ɗaya.
Yaro tamanin, jama'a, a aji ɗaya.
Aji biyu muke nema.

Ku lura an yi wa mai sauraro lissafin. Ba wanda zai raba 480 gida 6 yana zaune a kujerar roba cikin zafin Afrilu, amma kowa ya san yadda yaro 80 ke cika ɗaki.

Inda na fi saɓawa da masu gyara shi ne maimaici. A makaranta an koya mana kada mu maimaita kalma, sai mai gyara ya mai da "aji biyu" zuwa "ƙarin ɗakunan karatu", can gaba "faɗaɗa gine-gine". A takarda ado ne. A kunne kuwa buƙatu uku ne daban, har Alhajin da ya zo da niyyar bayarwa ya rasa wanne ake so. Maimaicin jawabi kamar amshin waƙa yake: kalmomin ba sa canzawa, shi ya sa ake kama su. A jawabin minti 5, amshi ɗaya ya isa, a faɗe shi sau uku: bayan gaisuwa, bayan hujja mafi ƙarfi, sai a rufe da shi. Kowane karo a ɗan yi shiru bayansa, kamar daƙiƙa biyu, musamman in lasifika na amsa-kuwwa daga katangun unguwa, don in aka ɗora layi na gaba nan take sai ya hau kan na baya.

Akwai iyaka. In aka datse kowane layi ya zama kalma huɗu, jawabin zai koma kamar kiran suna a aji. A bar mai ɗan tsawo tsakanin gajeru. Aya da hadisi ba a datsa su don numfashi, a bi waƙafinsu. Gaisuwar Hakimi, Dagaci, Mai Unguwa da limamai kuma a yi ta bisa tsarinta sau ɗaya a farko. Dawo da ita kowane sakin layi cin lokaci ne kawai.

Kuɗi na da nasa tarkon. A takardar mai jawabi a rubuta su da kalmomi yadda za a furta, don kada ya tsaya ƙirga sifiri. "Dubu ɗari biyu da hamsin" na iya zama 250,000, na iya zama 200,050. A ce "dubu ɗari biyu da dubu hamsin", magana ta ƙare.

Bayan gyara a buga da manyan haruffa, lamba 16 ko 18, kowane layi a jerensa, kada jimla ta tsallaka zuwa wani shafi. Mai jawabin ya karanta a tsaye, da ƙarfi, ana duba agogon waya. Duk inda ya yi tuntuɓe sau biyu, layin ne za a sake. Sai a zaunar da wani wanda bai ga takardar ba ya saurara, a tambaye shi me ake nema. In ya ce "taimako", a koma kan amshin. In ya ce "aji biyu", a buga kwafin ƙarshe.