Ana ta rigimar kwamfuta, to waye ke rubuta tambayoyin?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa WAEC da NECO su ma za su bi sawun JAMB su koma jarrabawar kwamfuta, duk makarantar kuɗin da ka shiga a cikin Katsina zancen ke nan, kwamfuta nawa aka sayo, sola ko janareta, sabis zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba. Ni kuma abin da ya tsaya mani a rai daban ne. Satin da ya wuce yarinyata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ta dawo da takardar jarrabawar gwaji da aka ce ana shirya su da ita, tambayoyi 40 duk na canki-canka. Ta ci 34 tana ta murna. Na zauna bayan isha'i na karanta takardar tun daga farko har ƙarshe, wallahi raina ya ɓaci.

Ga ɗaya daga ciki, an tambaye su a wane gari rijiyar Kusugu take, aka jera masu Daura, Landan, Makka, Legas. Don Allah wane yaro ne a jihar nan zai ce Landan? Ko wanda bai taɓa buɗe littafi ba zai ci. Na ce mata to Ummi, me ya sa rijiyar ta shiga tarihi, sai ta yi shiru tana wasa da bakin hijabinta. Ba laifinta ba ne, abin da aka tambaye ta shi ta riƙe.

Akwai masu cewa ai dama canki-canka ba ya gwada fahimta, a soke shi kawai a koma rubutun dogon bayani. Wannan maganar wanda bai taɓa zama da takardun yara 90 na aji guda a gabansa ba ce, kuma ni na yi shekaru ina koyar da lissafi, na san ba tsarin ne ya gaza ba, masu rubuta tambayar ne ba su ba ta haƙƙinta. Malami zai ɓata lokacinsa kan tambaya da amsar daidai, sauran zaɓi ukun kuma ya cike gurbi da duk abin da ya faɗo masa a ka, alhali a wajen waɗannan ukun aikin yake.

Ku yi lissafin da kanku. In zaɓi huɗu ne, mai canka da ka yana da damar kashi 25 cikin 100. In biyu daga ciki shirme ne da kowa zai gane, saura biyu, dama ta koma kashi 50. A tambaya 40 ke nan yaron da bai san komai ba zai iya tashi da wajen 20, kuma maki 50 cikin 100 shi ne kiredit a wajenmu. Haka ake haɗa sakamako mai kyau a kai wa iyaye, sai ranar babbar jarrabawa kowa ya riƙe baki.

Bari in nuna yadda nake ganin ya kamata a yi. Malamin da ya koyar da kaso cikin ɗari yakan tambaya, nawa ne kashi 25 na naira 2,000. Irin wannan lissafin yaro ya haddace hanyarsa, ya yi irinsa sau goma a aji. Amma a ce masa: tiyar gero ta tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500 kafin kaka, da sabon hatsi ya shigo ta dawo 2,000, da kashi nawa farashin ya sauka? Amsa ita ce 20, saboda 500 ɗin da ta ragu ana auna ta da 2,500 ne, farashin da aka sauko daga kansa. Zaɓin farko na kuskure dole ya zama 25, don yawancin yara za su ce ai da 25 ta hau, da 25 za ta sauka, ko su raba 500 da 2,000. Na biyu 80, na wanda ya raba 2,000 da 2,500 ya tsaya nan, ya manta abin da ya samo ragowar farashi ne ba saukarsa ba. Kowane zaɓi akwai hanyar tunanin da ke kai yaro gare shi, shi ya sa in ka ga rabin aji sun zaɓi 25 ka san daidai inda darasinka ya yi rauni, gobe da safe nan za ka koma.

Kuma irin wannan zaɓin ba a ƙirƙiro shi daga kai a ofishin malamai ana saura kwana biyu jarrabawa. Daga bakin yaran ake samo shi. Ka ba su tambayar a buɗe ba zaɓi ko ɗaya, a aikin aji ko na gida, ka tattara amsoshin da suka fi maimaituwa cikin na kuskure, su ne za ka jera. In biyu kawai ka samu masu ma'ana, bar su haka su zama uku da amsar daidai. Wani mai bincike Michael Rodriguez ya tattara nazarin shekara 80 kan wannan a 2005, ya nuna zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan lokuta, don na huɗu da na biyar galibi ba mai kallonsu.

Ba lissafi kaɗai ba. Maimakon a ce yaro ya kawo ma'anar yadda ruwa ke zama tururi, a ce masa ga randa biyu a inuwa ɗaya cikin bazara, an shafe bayan ɗaya da fentin mai, wacce ruwanta zai fi sanyi? Da yawa za su ce mai fenti, wai fenti ya tare zafi, kuma maganar ta yi kama da hankali. Sai wanda ya gane cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa shi ke tafiya da zafin ne zai zaɓi marar fenti.

Abin da ya fi ƙona mani rai a takardar Ummi shi ne yadda tambayoyin ke tona asirin kansu. Amsar daidai kusan kullum ita ce mafi tsawo, don malam ya tsaya ya gyara ta sosai sauran kuma ya yi masu kalma bibbiyu. A ɓangaren Hausa an ce "wace ce", sannan aka jera sunan mace ɗaya da na maza uku. Duk inda aka sa "duka na sama" kuwa shi ne amsa, har yaran sun gane, ita da kanta ta faɗa mani haka suke yi. Wannan ba gwajin ilimi ba ne, horar da yara ne su karanci halin malami, kuma in aka ɗora wannan takardar a kwamfuta ba abin da ya canza sai dai a fi saurin fitar da makin ƙarya.

Shugabannin makarantu da ke ta ɗaukar hoton ɗakin kwamfuta suna sawa a Fesbuk, ku ware ko awa biyu ne bayan kowace jarrabawa malamai su zauna da takardun. A jera su daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a aji mai yara 40 a ɗauki goman sama da goman ƙasa, a ƙirga abin da kowane ɓangare ya zaɓa a kowace tambaya. Zaɓin da ba wanda ya taɓa a cire shi, ya mutu. Inda kuma goman sama suka fi na ƙasa faɗawa kuskure ɗaya, to a sake karanta tambayar, ko tana da harshen damo ko kuma amsar da malam ya riƙe ce ba daidai ba. Na rubuta wa shugaban makarantar su Ummi wannan a takarda na haɗa da tambayar geron, ranar taron iyaye da malamai zan tashi in tambaye shi ko an gwada ta a aji, da kuma yara nawa suka zaɓi 25.