Wanda ba taubashinka ba, kada ka yi masa rawa a ci huɗu

A istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Jidda ko Makka, daren Alhamis, idan samarin Hausawa suka zagaye PlayStation ana buga wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC, tsokana ce gishirin zaman. Wanda aka zura wa uku sai ya ji "tashi ka ba manya wuri", a yi dariya, ya jira zagayensa ya rama. Wannan wasan taubasai ne, irin na Bafulatani da Babarbare: kowa ya san kowa, kuma bakin ramuwa a buɗe yake.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki wannan baki aka shiga da shi Ultimate Team, sashen wasan da ake karawa ta intanet, inda abokin karawarka baƙo ne daga Riyad ko Alƙahira. Bai amince da wasan ba, kuma da wuya ku sake haɗuwa balle ya rama. A ganina ma'aunin a nan shi ne lokacin mutum.

Kowane rabi minti 6 ne na zahiri, yana wakiltar minti 45. Wato minti ɗaya naka ya ci bakwai da rabi na agogon fili. Kana gaba da 2-1 a minti na 75, saura minti biyu kacal na gaske. In ka riƙe ƙwallo kana neman kafa ta gaba, dabara ce. In kuwa ka koma kana miƙa ta tsakanin 'yan baya da gola har a hura usur, ka kashe wasan ne, ko da kai ka tafi da makin.

Murnar ci ma haka. Ka farke a minti na 90, yi rawarka, ka cancanta. Amma a 4-0 ka yi rawa, ka bar maimaicin cin ya gama, sannan ka dakatar da wasa don nuna masa ƙofa, wannan wulaƙanci ne. Maɓallan L1 da R1 tare sun isa su tsallake murnar. Ba a banza EA ta cire murnar "Shush", ta ɗora yatsa a baki, daga FIFA 21, kamar yadda ake kiran wasan a lokacin, a 2020 ba.

Alamar an wuce gona da iri a bayyane take: ya daina bin ƙwallo ya koma sharɓe ƙafafu, ko ya fice tun kafin hutun rabi.

Sai saƙo bayan wasa, wanda nan ne abin ya fi muni. Zolaya a kan tsaron da ya yi sakaci tana wucewa. Da zarar an ambaci uwa, launin fata, ko an jefo "takruni", sunan da ake kiran 'yan asalin Yammacin Afirka da shi a Saudiyya, da nufin ƙasƙanci, wasa ya ƙare. Kada ka rama, don saƙonka ma ana iya kai ƙararsa a dakatar da asusunka. Ka kai rahoto, ka toshe shi. Idan da murya ne, PS5 tana ba ka damar tura yanki har na daƙiƙa 40 daga minti 5 na ƙarshen hirar, saboda haka a yi shi nan take kafin maganar ta shuɗe.