Harajin kaya: a kan jimla ko ɗaya bayan ɗaya?

"Idan aka ɗora wa kowane kaya harajinsa daban, ashe ba a biya fiye da idan an ɗora sau ɗaya a kan jimla ba?"

A'a, matuƙar kason harajin ɗaya ne. A ce kashi 10 cikin 100 ne, ka sayi kaya na 200 da na 300. Harajin na farko 20, na biyu 30, ka ga 50 ke nan. Ka haɗa su tukuna, 500, harajinta ma 50.

Ɗan bambancin da ake gani a rasit daga cike ɓurɓushin lissafi yake fitowa. Kaya uku, kowanne 1.05, harajin kowanne 0.105. In an cike shi ya koma 0.11, sau uku 0.33. A kan jimlar 3.15 kuwa, 0.315 ne, ya koma 0.32.

Inda ɗorawa a kan jimla ke cutar mai saye shi ne idan akwai kayan da aka yafe wa haraji, ko masu wani kaso daban. A nan sai an ware kowane rukuni da jimlarsa kafin a lissafa.