"Ba damuwa, Alhaji" ita ce ta fi cin kwanakin aiki

Shekaru na yi ina ƙarasa wa mutane gini a Gombe, kuma zan faɗi abin da na daɗe ina riƙewa a ciki. Mai aikin da ke canza ra'ayi kullum alhali ranar miƙa makulli ba ta motsi, ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Rabin laifin namu ne, mu da muke amsa masa da "ba damuwa" kafin mu ƙirga kwanakin da sabuwar maganar za ta ci. Kuɗin ƙari muna iya faɗa, ko da muna jin nauyi. Kwanaki ne ba ma faɗa, kuma su ne ke kwance mana zani a kasuwa.

Bara da damina wani dattijo ya ba ni ƙarashen gidan ɗansa a Tumfure. Ɗaki uku da falo, an riga an yi rufi, an ja waya, an yi filasta. Saura silin, tayil, fenti, ƙofofi da gyaran tsakar gida. Ya ce, "Injiniya, saura kwana 42 ɗaurin aure, ka san dai ba a ɗaga wannan." Gaskiya ya faɗa. An raba goro, dangi na Kumo da na Bajoga duk sun san ranar.

Sai dai ranar ɗaurin aure ba ita ce ranata ba. Ranata ita ce ranar da 'yan jere za su iso da gado da kujeru da kwanuka, kwana uku kafin nan. Kenan kwana 39 ke hannuna. Na tsara aikin a kan kwana 34, na bar biyar saboda ruwan sama da ranar da ma'aikaci zai tafi jana'iza ko suna. Waɗannan biyar ɗin su ne duk jarina.

A kwana na tara Alhaji ya zo zagaye bayan la'asar, ya tsaya a ɗaki na uku ya ce, "Ai wannan ɗakin ya kamata a ce da banɗaki a ciki, saboda baƙi. Ɗan ƙaramin abu ne." Na ce ba damuwa. Na faɗi kuɗin bulo da siminti da kayan famfo, ya biya a take, kowa ya tafi da farin ciki.

Ga abin da ɗan ƙaramin abun ya ƙunsa. Birkila ya ɗora bango biyu, kwana ɗaya. Mai famfo ya fasa daɓe da bangon waje ya shimfiɗa bututu mai inci 4 zuwa sokawe, ya kuma sassaƙa bangon da aka riga aka yi wa filasta don bututun ruwa, kwana biyu. Aka saki ruwa aka bar shi ya kwana don a ga ko akwai yoyo, tunda ba a rufe bututu ba a gwada ba. Sannan filasta. Mai silin da ya kamata ya shiga wannan ɓangaren ya tarar da ƙura da baraguzai, ya tafi wani aikin a Pantami, bai dawo ba sai da na bi shi. Da na zauna na ƙirga, kwana biyar cif sun tafi. Tun ba a kai rabin aiki ba na cinye ajiyata, kuma Alhaji bai sani ba, don ni ban gaya masa ba. A wurinsa ya biya kuɗi, magana ta ƙare.

Abin da mai aiki ba ya gani, kuma aikinmu ne mu nuna masa, shi ne ƙarashen gini sarƙa ne. Famfo da waya kafin filasta, filasta kafin silin, silin kafin tayil, fenti a ƙarshe. Canjin da ya taɓa sarƙar yana tura duk abin da ke bayansa. Wanda bai taɓa ta ba, kamar launin fenti kafin a sayo, ko irin hannun ƙofa, wannan a canza sau goma ma ban damu ba. Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye. Ka ƙaro lebura ashirin, siminti ba zai bushe da wuri ba. Sabon filasta yana son a riƙa ba shi ruwa kusan mako guda don ya yi ƙarfi, sannan ya sha iska ya bushe kafin fenti, kuma a watan Agusta da iska ke jiƙe bushewar tana jan ƙafa. Simintin Ashaka ne ko na wani kamfani, wannan ba ya canzawa.

A kwana na 17 ango da kansa ya kira ni. Ya je gidan abokinsa ya ga silin fi'ofi mai fitilu a ɓoye, ya ce silin robar da muka shirya ba za ta yi ba, fi'ofi yake so a gidan gaba ɗaya. Wannan karon na ce, "Ango, ka ba ni zuwa gobe da safe." Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan dare ɗayan shi ne abu mafi amfani da na koya a sana'ar nan.

Na kira mai fi'ofi na tambaye shi. Silin roba kwana uku ne a gidan. Fi'ofi a ɗaki uku da falo zai kai mako guda, ga mai waya da zai dawo ya sauya wuraren fitilu, ga jiran bushewa kafin fenti, kuma ba a shimfiɗa tayil a ƙarƙashin masu fi'ofi saboda abin da ke zubowa. Ko na haɗa wasu ayyukan a lokaci guda, ƙarin kwana shida ne. Ni kuma ko ɗaya ba ni da shi.

Da safe na same su tare da mahaifinsa, na zana musu kwanakin a bayan takardar siminti. Na fara da faɗin laifina, cewa banɗakin nan ya cinye kwana biyar ban sanar da su ba. Sannan na ce, "Alhaji, ranar jere ba ta motsi. Duk abin da zai shigo yanzu, sai wani ya fita ya ba shi wuri. Ku za ku zaɓa, ba ni ba." Alhaji ya ce to a bar intalok ɗin tsakar gida sai bayan biki. Na ce masa wannan zai rage kuɗi, amma ba zai ba mu ko yini ɗaya ba, domin masu intalok daban suke, a waje suke aiki, babu mai jiransu. Abin da zai sayo mana kwanaki sai wanda ke kan sarƙar. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su cire abin da ba ya tare hanya su ɗauka sun sami lokaci.

Muka tsaya a kan haka: fi'ofi a falo kawai, ɗakuna biyu silin roba, ɗaki na uku da sabon banɗakinsa a kulle shi ba tayil ba fenti sai bayan biki. Amarya ba za ta sauki baƙon kwana a makon farko ba. Kwanakin da mai tayil da mai fenti za su yi a can suka koma falo. Ango bai ji daɗi ba, na ga haka a fuskarsa. Amma da bakinsa ya zaɓa, kuma hakan ya fi a ce ranar jere ya tarar da gida rabi fi'ofi rabi katako.

Kafin in tashi na tura wa Alhaji saƙo a WhatsApp, gajere: abin da aka ƙara, kuɗinsa, kwanakin da zai ci, abin da aka cire a madadinsa. Na roƙe shi ya amsa da "na amince". Na san yadda wannan yake da nauyi a wurinmu, musamman ga wanda ya haife ka. Sai ka ji kamar kana cewa ba ka yarda da shi ba. Ni ban ɗauke shi haka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashin da aka sa wa lokaci, kuma da muminai take magana. Idan an ce a rubuta tsakanin masu gaskiya, ban ga dalilin jin kunyar rubuta kwanakin aiki ba. Mutum na iya mantawa da abin da ya faɗa a tsaye a bakin mota, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba.

Na kuma roƙi abu biyu. Duk wani canji ya biyo ta bakin Alhaji shi kaɗai, kuma daga ranar da fenti ya fara an rufe ƙofar canji. Gidan biki bakuna ne da yawa: ango, uwar ango, ƙannen amarya, kowa da abin da ya gani a wani gida. Na gaya wa yarana duk wanda ya ba su umarni su ce, "Sai Oga ya zo."

Kada a ɗauka ina cewa a riƙa ƙin canji. A kwana na 26 Alhaji ya ce tayil ɗin falo a mayar da shi babba, mai 60 da 60. Na ƙirga. Falon mita 5 ne da mita 6, murabba'in mita 30. Katan mai guda huɗu yana rufe 1.44, kenan katan 21, da na yanka da fashewa a ce 23. Na tabbatar akwai su a cikin gari kuma duk fitowa ɗaya ne, don launi kan ɗan bambanta idan aka haɗa tsohon kaya da sabo. Babban tayil ba ya yafe daɓe mai tudu da kwari, sai an daidaita ƙasa, amma wannan ya faɗo daidai kwanakin da muke jiran fi'ofi ya bushe. Bai ci mana yini ba, na ce a yi. Da kayan sai an ɗauko daga Kano, da amsar ta zama daban.

Wanda na ƙi shi ne na gwaggon amarya. Ta zo awon labule ana saura kwana shida jere, ta ce tagar ɗakin amarya ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a gaya wa Alhaji." Alhaji ya kira ni, na ce fasa bango ne da sabon lintal da filasta a ɗakin da aka gama fenti, ba zai bushe ba kafin a shigo da gado. Ya ce a bari.

'Yan jere sun shiga ranar da aka sa. Amma bangon banɗakin nan, fuskarsa da ke kallon baranda ba ta cikin ɗakin da muka kulle, don haka sai da aka yi mata fenti tare da sauran gidan, filastarta ba ta gama bushewa ba. Bayan wata biyu ango ya turo min hoto: fentin ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri ya feso daga ƙasa. Na je na kankare, na bar shi ya sha iskar hunturu, na sake fentin da kuɗin aljihuna, domin ranar da aka nemi banɗakin ni na ce ba damuwa.