Sidi 100 da ka raina

Jiya da la'asar a Aboabo muna zaune da ɗan yayata, yaron nan mai gyaran waya a Kejetia, na ce masa kana ajiye wani abu kuwa? Sai ya yi dariya wai Kawu sidi 100 a wata me zai yi min, bari kuɗi su zo tukuna. Shekararsa 25. Ni ma haka na ce a shekarunsa, ga shi yau furfura ta riga kuɗin zuwa.

Lissafin da na yi masa a bayan kwali ke nan. Ka sa sidi 1,000 a wani abu da ke kawo ribar kashi 10 cikin 100 a shekara. Ƙarshen shekara kana da 1,100. In ka cire 100 ɗin nan ka ci waken salla, shi ke nan, duk shekara 100 za ka riƙa samu. In ka bar shi a ciki kuwa, shekara ta biyu 1,210 ne, ta uku 1,331, don ribar ma ta fara haihuwa, kamar akuyar da 'ya'yanta suka girma su ma suna haihuwa. Da farko abin ba ya burge kowa wallahi. Amma a wannan tafiyar kuɗi na ninkawa kusan duk shekara 7: dubu ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu takwas, a shekara 35 ta haura 28,000. Ninkin ƙarshe shi kaɗai ya kai duk abin da aka tara kafinsa, kuma shi ne wanda ya makara yake rasawa.

To ɗauki mutum biyu. Mai koko ta fara tana da shekara 25, sidi 100 duk wata, wato 1,200 a shekara, ta yi shekara 10 sai hidimar yara ta yi yawa ta daina zubawa, amma ba ta taɓa abin da ke ciki ba har ta kai 60. Mai shago kuma ya jira sai da ya kai 40 sannan ya fara, 200 duk wata ba fashi har shekara 20. Ita 12,000 kacal ta fitar daga lalitarta, shi 48,000. Ranar da suka cika 60 ita tana da wajen 207,000, shi wajen 137,000. In yana so ya kamo ta sai ya riƙa zuba kusan 300 duk wata.

Yaron ya ce to Kawu wa zai ba ni kashi 10 har shekara 35? Nan ya kama ni, kuma gaskiyarsa. Kashi 10 ɗin don lissafi ya yi sauƙi na ɗauka, ba alkawari ba ne. Kuma mu a Ghana mun san abin da tsadar kaya ke yi wa sidi, a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54, wanda ya ci ribar kashi 30 a lokacin lambar ce kawai ta ƙaru, buhun shinkafar da zai iya saya raguwa ya yi. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan ka cire tsadar kaya. In ka sake lissafin da kashi 4, ninki ɗaya sai shekara 18, kuma mai shago ne zai wuce mai kokon da ta tsaya. Amma da ta ci gaba da 100 ɗinta har 60, ko a kashi 4 ɗin tana gabansa, wajen 88,000 shi 71,000. Shi ya sa na ce masa dainawar nan kar ya kwaikwaye ta.

Susu kam ina yi, amma kar mu ruɗi kanmu, abin da ka zuba shi ake miƙo maka, mai karɓa ma ya cire kuɗin kwana ɗaya. Ba ya haihuwa. Masu gudun kuɗin ruwa kuma, na san tiribil, wato rancen da kake ba gwamnati ta biya ka da ruwa, ba zai kwanta muku ba, to lissafin bai dogara da ruwa ba, hannun jari a kasuwar hannayen jari ta Ghana ko ribar sana'a da ka mayar cikin uwar kuɗi duk hanya ɗaya suke bi, sai dai su akwai shekarar faɗuwa.

Wanda kuma ya zo maka da kashi 10 a WATA, yi masa wannan lissafin dai: sidi 1,000 a shekara 10 zai haura miliyan 92. Me zai sa mai irin wannan ya biyo ka zango yana neman dubunka?

Yaron dai ya ninke kwalin ya sa a aljihu, wai zai sake bugawa a wayarsa don bai yarda da lissafin tsofaffi ba.